Idan Dila Ya Ce "Ba Ma Fasa Dila"

Duk wanda ya shiga Kantin Kwari a Kano da ɗan jarinsa zai sari atamfa ya san wannan amsa: "Hajiya, ba ma fasa dila." Sababbin 'yan kasuwa da yawa a nan suke juyawa, ko su je su ciwo bashi su cika kuɗin. Kafin a yi ko ɗaya, akwai tambayar da ta kamata: "Alhaji, ƙa'idar nan ta yawan turmi ce, ko ta yawan kuɗi?"

Amsar ita ke nuna inda ƙofa take. Abin da dila ke tsoro shi ne ya kwance ɗauri a tsince kaloli masu tafiya, a bar masa kwantai. Idan wannan ne dalilinsa, akwai wurin magana. Amma idan zane na musamman za a bugo daga kamfani, kamar na anko, to ƙa'idar ta kamfani ce, roƙo ba ya rage ta.

A ce mace tana da naira 300,000, tana son sayar da atamfa a gida. Dila ya ce sari daga turmi 50 yake farawa, kowanne 8,000, wato 400,000. Maimakon ta ce "a rage mini", sai ta kawo tayin da shi ma zai ga ribarsa: "Alhaji, ka haɗa mini turmi 30 daga dilolin da aka riga aka kwance, goma-goma daga iri uku. Zan ƙara 300 a kan kowane turmi, kuɗi hannu, ɗan dako kuma nawa ne. Ba zan tsince masu kyau kaɗai ba, a raba kalolin daidai."

Lissafin ya kama 249,000, ta rage 51,000 na mota da juyawa. Ƙarin da ta biya duka 9,000 ne. Da ta ranto 100,000 ta ɗauki hamsin iri ɗaya, turmi 20 suka ƙi tafiya, da 160,000 sun kwanta a ɗaki, ga mai bashi yana sallama. A ganina 9,000 ɗin nan ba asara ba ce, domin da ita za ta gane zanen da matan unguwarta ke so kafin ta zuba kuɗi da yawa.

Sai dai gauraye yana da tarko. Wani dilan da shi yake sauke tsohon kaya. Alamar ita ce ya hana a duba, ko yaron shago ya ɗaure kayan a bayan ido. Ki buɗe kowane turmi, ki duba tambari da tsawon yadi, a rubuta iri da adadi a rasit. Ki kuma tambaya tun kafin ki biya ko za a musanya wanda bai tafi ba, da kwana nawa aka ba ki. Idan ya ƙi duk wannan, ki nemi abokan sana'a biyu ku haɗa kuɗi ku ɗauki dila guda ku raba.