Hula Goma Zuwa Landan: Lissafin da Ake Yi Kafin a Ɗaure Kwali

Mu ƙaddara wani mai sayar da huluna a Kasuwar Kurmi ta Kano yana saka hotunan kayansa a waya, ran nan sai ga saƙo daga wani Bahaushe mazaunin Landan: "Malam, ina son zanna bukar guda goma, na abokan ango ne. Nawa za ka bar mini?" Suka yi ciniki a kan fam 20 kowace ɗaya, fam 200 ke nan. Mai hula ya buga lissafin canji, ya ga kuɗin ya fi abin da yake samu a rumfa, ya ce Allah ya sa albarka.

A nan ne ya yi gaggawa. Fam 200 kuɗin hula ne tana ajiye a Kano. Kafin ta hau kan mai ita a Landan, akwai masu jirgi, akwai kwastan na can, akwai bankuna a tsakani, kuma kowa da rabonsa. In ba a faɗi tun farko wanda zai biya waɗannan ba, ƙarshen cinikin rigima ce.

Abu na farko da ke ba sabon shiga mamaki shi ne awo. Ya kai kwalinsa ofishin kamfanin aika saƙo, an ɗora a sikeli, kilo biyu. Sai ma'aikacin ya ɗauko tef ya auna tsawo da faɗi da tsayi, ya ce za a biya kuɗin kilo shida. Ba cuta ba ce. Jirgin sama wuri yake sayarwa, don haka kaya mara nauyi mai cin wuri ana yi masa kuɗi da girmansa. Kamfanoni irin su DHL suna ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5000, abin da ya fito shi ne nauyin girma. Sai a kwatanta shi da nauyin sikeli, wanda ya fi yawa shi za a biya.

Kwalin mutuminmu santimita 40 ne da 30 da 25. In aka ninka 30,000, a raba da 5000, kilo shida. Abin da ya jawo masa shi ne ya jera hulunan ɗaya bayan ɗaya don kada kari ya lalace, rabin kwalin iska ce. Da ya cusa su cikin juna biyar-biyar, ya sami kwali mai 30 da 25 da 20, da kilo uku zai biya. Saboda haka kada ka faɗa wa mai saye kuɗin aike da ka. Ɗaure kayan tukuna, ka auna, ka tambayi farashi, sannan ka yi magana. Gidan waya, ta hanyar EMS, yakan fi sauƙin kuɗi, amma ya fi jinkiri, kuma kayan biki ba sa son jinkiri.

Sai takarda. Kowane kwali da zai tsallaka iyaka yana tafiya da takardar ciniki, wadda 'yan kasuwa ke kira inbois, in kuma ta gidan waya ne akwai fom ɗin CN22 ko CN23. Jami'in kwastan na Birtaniya bai san zanna bukar ba, kuma yawanci ba ma zai buɗe kwalin ba. Takardar yake karantawa. A rubuta masa dalla-dalla da Turanci cewa hulunan maza ne na yadi, an yi musu aikin zare da hannu, guda goma, kowace fam 20, an yi su a Najeriya. Rubuta "kaya" ko "tufafi" kawai yana sa a ajiye kwali a gefe har sai an nemi ƙarin bayani. Akwai kuma lambar da ake kira HS, wadda Hukumar Kwastan ta Duniya ta tsara, lambobi shida na farko iri ɗaya ne a kusan kowace ƙasa. Hular yadi tana ƙarƙashin 6505. Da wannan lamba ake gane harajin da ya hau kan kaya.

A wannan gaɓar ne mai saye yakan kawo shawarar da ta fi kowace daɗin ji: "Malam, ka rubuta kyauta ce, ka sa fam 30, kada su caje ni." Mutanenmu na yin haka da yawa, don kunya da son a kyautata wa kwastoma. Ni dai ban ga hikimarsa ba. Hula goma iri ɗaya, sababbi fil, ba ta yi kama da tsaraba ba. In an gane, za a iya riƙe kayan, a yi musu sabon kuɗi, a ci tara, kuma sa hannun mai aikowa ne a takardar. In kuma kwalin ya ɓata a hanya, diyyar ba za ta wuce fam 30 ɗin da ka rubuta da hannunka ba.

To nawa ne harajin na gaskiya? A Birtaniya, kayan da darajarsu ta haura fam 135 ana karɓar harajin VAT a kansu lokacin shigowa, kashi 20 cikin ɗari ga yawancin kaya. Kuma ba a kan kuɗin kayan kaɗai ake lissafa shi ba, har da kuɗin aike da kuɗin fito in akwai. Kuɗin fiton yana iya faɗuwa gaba ɗaya, domin tun 2023 Birtaniya tana da tsarin rangwame ga ƙasashe masu tasowa, Najeriya na ciki, muddin an bayyana a takarda cewa kayan ƙirar Najeriya ne. Mu ƙaddara an ci wannan rangwamen, kuma aike ya ci fam 60. Kashi 20 na fam 260 fam 52 ne. Kamfanin da ya biya wa mai kaya harajin a tashar jirgi shi ma zai ɗora ladan wahalarsa. Hular fam 20 ta haura fam 31 kafin a kafa ta.

Wa zai biya fam 52? Amsar tana cikin haruffa uku da ake zaɓa lokacin cike takardar aike. In an zaɓi DAP, mai sayarwa ya biya aike har ƙofa, haraji kuwa na mai saye ne, za a turo masa saƙo ya biya kafin a miƙa masa kwali. In an zaɓi DDP, komai na wuyan mai sayarwa, sai ya zuba shi cikin farashi tun farko. Kowanne halas ne. Abin da ke ɓata ciniki shi ne shiru. Mutum yana jiran hula ana saura kwana uku ɗaurin aure, sai ga takardar biyan kuɗin da ba a taɓa ambata masa ba. Wani ya biya yana ƙunƙuni, ba zai sake dawowa ba. Wani ya ce bai san zance ba, ya ƙi karɓa. Kwali ya zauna ana lissafa kuɗin ajiya, daga bisani a tambayi mai aikowa: a dawo da shi ka biya, ko a lalata? Jimla ɗaya a waya ta isa ta hana wannan: "Alhaji, ban da kuɗin hula da na aike, kwastan na wajenku za su nemi kusan fam hamsin da wani abu, kai za ka biya."

Waɗannan dokoki ba sa zama wuri ɗaya. Shekaru da dama kayan da ba su wuce dala 800 ba suna shiga Amurka babu kuɗin fito, amma a ƙarshen watan Agustan 2025 aka dakatar da wannan sassaucin ga kowace ƙasa. Tarayyar Turai kuwa tun Yulin 2021 take karɓar VAT komai ƙanƙantar kaya. Wanda ya yi aike bara ya sake tambaya bana.

Hula ma mai sauƙi ce. Da kilishi aka nema, da ba a fara ba, domin Birtaniya da Turai da Amurka ba sa barin nama daga Najeriya ya shiga a kwalin saƙo. Ƙwace shi ake yi. Humra da turaren da aka haɗa da sinadari mai kama wuta, kamfanonin jirgi a jerin kaya masu haɗari suke sa su. Jaka ko takalmin fatar mesa da na kada sai da izini na musamman ƙarƙashin yarjejeniyar CITES. Ta ɓangarenmu kuma, wanda aikensa ya zama sana'a ta kullum doka na son ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC, ya cike fom ɗin NXP ta bankinsa, kuɗin kayan kuma su dawo asusunsa cikin kwana 180.

Saura kuɗi, inda ake yin asarar da ba ta dawowa. A rumfa ana iya bin bashi, don an san gidan mutum. A Landan ba ka da mai unguwar da za ka kai wa ƙara. Ƙa'idar ƙaramin ɗan kasuwa ita ce kuɗi su shigo kafin kaya su fita. In aiki ne na musamman da sai an ɗinka, a karɓi rabi kafin a sa allura, cikon kuma kafin a kai kwali ofis. Shigowa kuwa tana nufin ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin. Hoton rasit da aka turo maka ba kuɗi ba ne, alat ma ana ƙirƙirar na bogi.

In ta banki za a turo zuwa asusun kuɗin waje, a san cewa bankunan da ke tsakani suna yankar nasu, fam 260 na iya isowa da giɓi. A takardar turawa akwai zaɓi uku, OUR da SHA da BEN. Na farkon ne ke nufin mai turowa ya ɗauki dukan cajin. In da kati aka biya, mai katin yana da damar kai ƙorafi bankinsa, sau da yawa har kusan wata huɗu, ya ce kaya ba su zo ba a janye kuɗin. Makaminka a nan lambar bin sawun kwali ce, da shaidar sa hannun wanda ya karɓa, da hoton kayan kafin a rufe. Kada ka goge su da wuri.

Akwai tarko guda da ya daɗe yana cin mutane. Mai saye ya ce ya yi kuskure, maimakon fam 260 ya turo 600, don Allah ka maido masa da ragowar ta wani asusu daban. Kai kuma mai amana, ka mayar. Bayan kwanaki a gano kuɗin farkon na katin sata ne ko ma ba su taɓa shigowa ba, hula ta tafi, ragowar ta tafi. Haka nan in an ce wani da ba ka sani ba zai turo maka naira a madadin mai saye, ka nemi sanin ko wane ne, domin in kuɗin na damfara ne asusunka za a fara rufewa.

Da mutuminmu ya bi wannan hanya, amsar da zai ba mai neman hula ba "fam 200" ba ce. Zai ce hula 200, aike 60, haraji wajen 52 da ladan kamfani a wuyanka, cajin banki naka, kwali zai tashi ranar da kuɗi suka zauna a asusuna. Ka rubuta masa haka a saƙo, ka jira ya amsa da "na yarda" kafin ka sayi kwali.