Rajistar Haraji: Rukunin Ɗan Kasuwa da Rukunin Mai Albashi

Fom ɗin rajistar haraji a Najeriya yana da tambayoyi biyu da suka fi sauran nauyi, ko da yake gurbinsu a takarda bai taka kara ya karya ba. Ta farko ita ce: mai rajistar nan mutum ne ko kamfani? Ta biyu kuma: albashi yake karɓa ko sana'ar kansa yake yi? Amsar da aka bayar ce ke nuna hukumar da za ta karɓi harajin, da wanda zai yi lissafinsa, da lokacin biya, da irin kuɗin da za a ɗora lissafin a kai. Tsarin fom yakan bambanta daga jiha zuwa jiha, amma waɗannan tambayoyi ba sa ɓacewa.

A shafin rajista, tambayar farko kan zo da zaɓi biyu: Individual da Non-Individual. Nan ne 'yan kasuwa da yawa ke fara yin tuntuɓe. Mai shagon kayan masarufi da ya je Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, ya yi wa shagonsa rajistar suna, yakan ɗauka ya zama kamfani. Bai zama ba. Rajistar sunan kasuwanci ba ta raba mutum da shagonsa a idon doka. Ribar shagon tasa ce, bashin shagon nasa ne, harajin da ke kansa kuma harajin kuɗin shigar mutum ne, wanda hukumar haraji ta jiha ke karɓa, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna. Kamfanin da sunansa ke ƙarewa da Limited shi ne doka ta ɗauka a matsayin wani mahaluƙi dabam, kuma harajinsa na hukumar tarayya ne, wadda a da ake kira FIRS, ta koma NRS a ƙarƙashin sababbin dokokin haraji da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2025 suka fara aiki a ranar 1 ga Janairun 2026. Saboda haka, ta fuskar harajin kuɗin shiga, ƙaramin ɗan kasuwa da ma'aikacin albashi duk ƙofa ɗaya suke bi, ta mutum ɗaya. Sai an shiga ciki hanya ke rabuwa.

Hanyar mai albashi ita ce wadda fom ke kira PAYE, ma'ana a biya haraji daidai lokacin da ake samun kuɗin. Wurin aiki ne ke cire harajin daga albashi kowane wata, ya miƙa wa hukuma kafin 10 ga watan da ke biye ta wuce, sannan a watan Janairu ya kai bayanin abin da ya biya kowane ma'aikaci da abin da ya cire masa a shekarar da ta gabata. Shi ya sa idan mutum ya zaɓi wannan rukuni, fom kan nemi sunan wurin aikinsa, wani lokaci har da lambar harajin wurin. Daga nan hukuma ba ta jiran kuɗi daga hannun ma'aikacin. Idonta yana kan mai biyansa.

Akwai wani abu da ke rikitar da ma'aikata a nan, wato adireshi. Harajin mutum na jihar da yake zaune ne, ba jihar da ofishinsa yake ba, ba kuma jihar da aka haife shi ba. Wanda ke kwana a Suleja yana aiki a Abuja, harajinsa na Jihar Neja ne. Na Mararraba kuma na Nasarawa ne. Rubuta adireshin ofis a gurbin adireshin gida yakan sa kuɗi su tafi wata jiha, jihar da ke da haƙƙi kuma ta ci gaba da ganin mutumin a matsayin wanda bai biya ba.

Hanyar ɗan kasuwa ita ce wadda ake rubutawa Self-Employed ko Direct Assessment. A nan babu wanda zai cire komai a madadinsa. Shi ne zai yi lissafin abin da ya samu a shekara, ya kai wa hukuma bayani kafin ƙarshen watan Maris na shekarar da ke biye, ya biya da kansa. Ɗan tireda, tela, mai sayar da hatsi, makaniki, mai POS da matar da ke sayar da atamfa a cikin gida duk nan ne gurbinsu, ko suna da rajistar CAC ko ba su da ita.

Bambancin da ya fi muhimmanci, wanda kuma fom ba ya tsayawa ya bayyana, shi ne ma'anar kuɗin shiga a kowane rukuni. Ga mai albashi, kuɗin shiga shi ne albashi da alawus-alawus. Ga ɗan kasuwa kuwa riba ce, ba ciniki ba. Kuɗin da suka shiga aljihun shago daga safe zuwa dare yawancinsu uwar kuɗi ce da za a koma a sake saro kaya da ita. Doka ta ba shi damar ya cire kuɗin sarin kaya, da hayar shago, da ladan yaron shago, da kuɗin dako da mota, da man janareto, muddin don kasuwancin aka kashe su. Cefanen gida da kuɗin makarantar yara ba sa cikin wannan lissafi.

Ma'aunin harajin iri ɗaya ne ga kowa. A tsarin da ya fara aiki a 2026, naira 800,000 na farko a shekara babu haraji a kansu. Naira miliyan 2.2 da ke biye ana cire kashi 15 cikin ɗari, miliyan 9 na gaba kuma kashi 18, haka yake hauhawa har kashi 25. Akwai kuma rangwamen haya: kashi 20 cikin ɗari na hayar gidan da mutum ke biya a shekara, iyakarsa naira 500,000.

A ɗauki misalin malamin makaranta mai albashin naira 200,000 a wata, wato miliyan 2.4 a shekara. A ƙaddara ana cire masa kashi 8 na fansho daga dukkan albashin, naira 192,000 ke nan, kuma yana biyan hayar gida naira 300,000, wadda rangwamenta ya kama 60,000. Abin da ya rage naira 2,148,000. Idan aka zare 800,000 da babu haraji a kansu, aka ɗauki kashi 15 na sauran, harajinsa na shekara naira 202,200 ne, wato 16,850 a kowane wata. Akawun makarantar ne zai yi wannan lissafi, malamin sai dai ya gani a takardar albashinsa.

Sai kuma maƙwabcinsa mai shagon kayan masarufi, wanda cinikinsa na shekara ya kai naira miliyan 12. Mai ji daga nesa zai ce ya ninka malamin sau biyar. Amma sarin kaya ya cinye miliyan 9.6, hayar shago da ladan yaro da dako da mai suka ɗauki miliyan 1, ribar da ta rage ita ce miliyan 1.4. Shi ma yana biyan hayar gida 300,000, don haka bayan rangwame da zare 800,000, naira 540,000 kaɗai haraji zai hau, abin da zai biya kuma 81,000 ne. Da a ce a gurbin kuɗin shiga ya rubuta miliyan 12 ɗin nan kamar albashi ne, lissafin zai kai kusan naira miliyan 1.95, fiye da duk ribar da ya ci a shekarar. Kuskuren layi ɗaya ne.

Sai dai cire kuɗin da aka kashe yana buƙatar shaida, kuma a nan ne ƙananan 'yan kasuwa suka fi rauni. Littafin da ake rubuta sari da ciniki, rasit ɗin dila, takardar hayar shago da bayanin asusun banki su ne abin da jami'in haraji zai duba. Wanda ba shi da ko ɗaya, doka ta ba hukuma ikon yi masa ƙiyasi bisa irin sana'arsa da girmanta, kuma ƙiyasi ba kasafai yake yin daidai da abin da mai shago ya sani a ransa ba. Ana iya ƙalubalantarsa a rubuce, amma mai ƙalubale ba tare da littafi ba kamar mai zuwa shari'a ne ba shaida. Ya kamata kuma a rarrabe: kuɗin rumfa da tikitin kasuwa da ƙaramar hukuma ke karɓa ba harajin kuɗin shiga ba ne. Tarin waɗannan rasit ɗin ba ya zama hujjar cewa mutum ya biya nasa.

Wasu 'yan kasuwa kan zaɓi rukunin albashi da gangan, ko mai cike musu fom a shagon intanet ya zaɓa musu, don an ce ya fi sauƙi. Sauƙin na ɗan lokaci ne. Hukuma za ta zauna jiran wurin aikin da babu shi, shekaru su wuce babu ko sisi a sunan mutumin. Abin kan fito fili ne ranar da ya nemi takardar shaidar biyan haraji, wadda ke nuna shekaru uku da suka gabata, kuma ake nemanta wajen neman kwangilar gwamnati ko takardar mallakar fili. A lokacin sai a taso da bashin baya, da tara, da kuɗin ruwa. Kishiyar wannan ita ce ma'aikacin da ya zaɓi rukunin sana'ar kai: ana cire masa haraji kowane wata, sai kuma takardar neman biya ta iske shi, ya shiga zirga-zirga da takardun albashi don ya nuna ba a binsa.

Mai albashi da ke da shago fa? Irinsu suna da yawa, kuma lambar haraji ɗaya doka ta yarda mutum ya mallaka. A sabon tsari lambar NIN ce tushenta. Zai shiga rukunin albashi da sunan wurin aikinsa, sannan a bayanin shekara ya bayyana ribar shagon. Ana haɗa kuɗin biyu a yi lissafi ɗaya, a cire abin da wurin aiki ya riga ya biya. Da malamin nan ne ke da shagon maƙwabcinsa, jimlar za ta zama naira 3,548,000, harajinta 428,640, cikon da zai biya da hannunsa kuma 226,440, ba 81,000 ba. Dalili shi ne naira 800,000 da aka yafe sau ɗaya ake ci, kuma albashi ya riga ya cinye su.

Inda aka rasa tabbas, abin dubawa shi ne yanayin biyan. Yaron shago da maigida ke ba shi tsayayyen kuɗi duk wata ma'aikaci ne, ko da babu takardar ɗaukar aiki. Dillalin da ke cin la'ada a kan abin da ya sayar, da direban A-Daidaita-Sahu da ke kai balas ya riƙe abin da ya saura, sana'ar kansu suke yi. Wanda kuma ya bar aiki ya buɗe shago, ko ya rufe shago ya kama aiki, ba sabuwar rajista zai yi ba; zai je ofishin harajin jiharsa ne da takardar barin aiki ko ta ɗauka, a sauya masa rukuni a kan lambarsa ta da.