Yadda ake ƙayyade farashin kayan da za a miƙa nan gaba: misali da buhun masara a Dubeli

A unguwar Dubeli da ke Jimeta, cikin Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa a Jihar Adamawa, kamar sauran garuruwan Arewa, masara takan yi araha da kaka, ta yi tsada idan damina ta kusa. Wannan ne ya sa mai kiwon kaji kan so ya ƙulla yarjejeniya da dillalin hatsi tun a watan Nuwamba, a tsayar da farashi a ranar, amma sai a watan Mayu za a miƙa kaya a biya kuɗi. Tambayar da ke gabansu ita ce, nawa ya dace su rubuta a takarda?

Mutane da dama kan ɗauka cewa amsar tana ga wanda ya fi iya hasashen kasuwar Mayu. Masana harkar kuɗi kuwa sun nuna cewa ba a buƙatar hasashe. Idan kadara ba ta kawo wa mai ita wani kuɗin shiga a lokacin da take hannunsa, kamar zinari ko buhun hatsi, to farashinta na gaba shi ne farashin yau a haɗa da abin da riƙe ta zai ci har zuwa ranar miƙawa. Gidan haya bai shiga wannan lissafi ba, haka ma saniyar tatsa, domin kuɗin haya da nono suna rage wa mai su nauyin riƙo.

Dalilin mai sauƙi ne. Dillalin da ya yi alkawarin kawo masara a Mayu ba dole ne ya jira Mayu ba. Yana iya sayenta a yau ya ajiye, kuma daga wannan lokaci ya san abin da ta ci masa, ko farashi ya tashi ko ya faɗi.

Abu na farko da riƙo ke ci shi ne kuɗin da aka ɗaure a cikin kayan. Ana rubuta lissafin kamar haka:

F = S × (1 + r × T)

A nan S shi ne farashin yau, r shi ne abin da kuɗi ke ci a shekara, T kuma tsawon lokaci ne a ma'aunin shekara, sannan F farashin gaba. Mu ɗauki alƙaluma na misali kawai. A ce buhu yana Naira 40,000 a Nuwamba, banki kuma yana ba da rance a kan kashi 30 cikin 100 a shekara. Wata shida rabin shekara ne, don haka kuɗin zai ci kashi 15 cikin 100, wato Naira 6,000. Farashin gaba ya zama Naira 46,000. Ko da dillalin da jarinsa ya saya, wannan Naira 6,000 tana nan a lissafi, domin ita ce ribar da ya haƙura da ita a wata harkar. Wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa sai ya sa ribar da zai biya a cinikin murabaha a gurbin r.

Da zinari ne, wanda ajiyarsa ba ta cin wani abin kirki, da kusan a nan lissafin zai tsaya. Masara kuwa tana buƙatar hayar sito, maganin ƙwari, dako da gadi. Idan waɗannan sun kai Naira 2,000 a kowane buhu, aka biya a ƙarshen lokacin, farashin gaba ya koma Naira 48,000.

Me zai faru idan mai kaji ya yarda da Naira 52,000? Dillali zai ranci Naira miliyan 4 ya sayi buhu 100. A Mayu zai karɓi miliyan 5.2, ya biya banki miliyan 4.6, ya biya kuɗin ajiya Naira 200,000, ya tashi da Naira 400,000 ba tare da ya sa ko kwabo nasa ba. Irin wannan riba ba ta ɓoyuwa. Wasu dillalan za su zo da tayin da ya fi sauƙi, sayen da suke yi kuma zai ɗaga farashin yau, har tazarar ta rufe.

Idan kuma ana samun yarjejeniya a kan Naira 43,000, sai wanda ke da masara a sito ya ga dama. Zai sayar da ita yau a kan 40,000, ya juya kuɗin su zama 46,000, sannan ya karɓi masara a Mayu a kan 43,000. Ya ci Naira 3,000 a buhu, ya kuma tsira da 2,000 ta ajiya. Yawan masu yin haka zai ɗaga farashin gaba.

Sai dai a wannan ɓangare na biyu ne ƙa'idar ke da rauni a kan kayan abinci. Mai injin haɗa abincin kaji ba zai sayar da masararsa ya zauna jiran Mayu ba, domin kajinsa za su ci abinci gobe. Haka kuma abin da banki ke biyan mai ajiya bai kai abin da yake karɓa daga mai rance ba. Saboda haka a kan hatsi lissafin yana nuna iyakar da farashin gaba bai kamata ya wuce ba ne, amma yana iya sauka ƙasa da ita. Ana ganin haka a watan Agusta, lokacin da tsohuwar masara ke tsada alhali sabuwa na hanya: yarjejeniyar miƙa kaya a Nuwamba takan kasance ƙasa da farashin ranar.

Akwai kuma kuskuren da ake yawan yi, na mantawa da asara. Idan ƙwari da bushewa suka cinye buhu 2 cikin 100, to Naira miliyan 4.8 ɗin za a raba ta ne a kan buhu 98, kowane ya tashi kusan Naira 48,980. Sannan duk lissafin ya dogara ne ga cika alkawari. Idan farashi ya faɗi a Mayu, mai saye ya noƙe, dillali zai zauna da kaya da bashi. Don magance irin wannan ne manyan kasuwanni kamar ta hatsi ta Chicago, wadda aka kafa a 1848, suke sa ɓangarorin biyu su ajiye kuɗin jingina.

Tsadar kuɗi a Najeriya ta sa wannan lissafi ya yi nauyi. A watan Nuwamban 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100. A irin wannan yanayi, wanda ya sayi buhu a 40,000 ya sayar a 45,000 bayan wata shida faɗuwa ya yi, ko da yake a ido kamar ya ci riba. Kuma babu tabbacin tashin farashi: a Yulin 2024 Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da harajin shigo da masara da wasu kayan abinci na kwana 150, kuma farashin hatsi ya sauka a 2025.

A lura cewa wannan yarjejeniya ta bambanta da cinikin salam na fiƙihun Musulunci, inda ake biyan kuɗi gaba ɗaya tun ranar ƙulla ciniki. A salam mai saye ne ke ɗaure kuɗinsa, don haka Naira 6,000 ɗin ba ta da gurbi a farashin da mai sayarwa zai nema. Kafin a sa hannu, abu uku ya kamata ɓangarorin biyu su rubuta: farashin yau, abin da kuɗi zai ci, da kuɗin ajiya haɗe da asara. Duk abin da ya haura jimillarsu, mai saye yana da haƙƙin tambayar na mene ne.