Madin da Da'in: Mayar da Takardar Banki zuwa Larabci

Duk mai neman gurbin karatu ko izinin zama a wata ƙasar Larabawa zai iya tarar da an ce ya kawo takardar shige da ficen kuɗin asusunsa, a fassare da Larabci. Yawanci kuma abin da ke isa hannun mai fassara hoto ne da aka ɗauka da waya, takardar a karkace, inuwar hannu ta rufe gefe guda. Larabawa suna kiran wannan takarda كشف حساب, kuma wahalar fassararta tana cikin kalmomi biyu ne da ke saman jadawalin.

A takardun bankunan Nijeriya za ka ga Debit da Credit. Na farko kuɗin da ya fita ne, na biyu kuɗin da ya shigo. Larabcinsu مدين da دائن, wato madin da da'in. Wanda ya yi karatun fiƙihu ya san da'in shi ne mai bin bashi, madin kuma wanda ake bi, don haka sai ya yi turus: ina ruwan albashi da bashi? Amsar ita ce banki daga littafinsa yake magana. Idan ka ajiye kuɗi, kai ke bin banki, saboda haka shigowa da'in ce. Idan ka cira, an rage abin da kake bin sa, sai a rubuta a madin. Wanda bai gane haka ba yakan musanya su, ya mai da mai samu ya koma mai kashewa.

Akwai wani tarkon a nan. Larabci daga dama yake farawa, don haka jadawalin gaba ɗaya juyawa yake yi: kwanan wata ya koma dama, ragowar kuɗi, wato الرصيد, ya koma hagu. Sau da yawa mutum kan juya kanun ya manta da lambobin da ke ƙarƙashinsu.

Maganin duka biyun lissafi ne, kuma shi ne ke warware dusashewar hoto. A ce asusu ya buɗe da naira 250,000. Layi na farko ya nuna NIP TRF, kuɗi 80,000, ragowar ta zama 330,000. Tun da ragowar ta ƙaru, wannan da'in ne, ko da kan jadawalin bai fito a hoton ba. NIP kuwa hanyar tura kuɗi nan take ce tsakanin bankunan Nijeriya, sai a rubuta تحويل فوري a bar haruffan Turancin kusa da shi, domin ma'aikacin da ke Riyad ko Alƙahira ya iya gwadawa da takardar asali. Layi na biyu POS ne, amma ninkin takarda ya bi ta kan lambar, ba a gane 13,500 ce ko 18,500. Ragowar da ke gaba ta ce 311,500. Cire ta daga 330,000, ka sami 18,500, magana ta ƙare. In ragowar ita ma ba ta karantuwa, a rubuta غير مقروء a nemi wani hoton. Cike gurbi da zato a takardar da za a buga wa hatimi ganganci ne.

Layi na uku shi ne inda ake yawan zamewa. An rubuta RVSL, 18,500 ta dawo, ragowar ta koma 330,000. Wannan ba ajiya ba ce, na'urar ce ta zare kuɗi cinikin bai faɗa ba, banki ya mayar. Sunansa قيد عكسي. Wanda ya rubuta إيداع ya ƙara wa mai asusu samun da bai yi ba, kuma mai duba takarda don biza abin da yake ƙirgawa ke nan.

Kwanan wata ma iri biyu ne. Trans Date ranar da aka yi hulɗar ce, تاريخ العملية. Value Date kuwa ranar da banki ya lissafa kuɗin a matsayin ya zauna, تاريخ القيمة. Wasu sukan sa كلمة istihƙaƙ a nan, ni dai ban so, domin ta fi nuna ranar da wa'adin biyan bashi ya cika. Sannan 03/04/2024 a takardar Nijeriya uku ga Afrilu ce, gara a rubuta sunan watan da haruffa.

Game da lambobi, shawarata a bar su yadda banki ya buga su. A rubutun Masar da Saudiyya biyar da'ira ce mai kama da sifilinmu, sifili kuma ɗigo ne, ga shi kuɗin banki cike suke da ɗigon kwabo. Cajin tura kuɗi na naira 50 da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya kama 53.75, kuma ɗigo ɗaya da aka karanta a matsayin sifili ya isa ya mai da shi dubu hamsin da wani abu. Sunayen mutane da lambar shaidar hulɗa su ma a kwafe su harafi da harafi, sunan mai asusu kuma ya dace da yadda yake a fasfonsa.