Takardar ƙarin girma: layin da ke ƙasa ya fi na sama nauyi

Wani ƙanena ya shigo gida bayan sallar la'asar da farin ambulan a hannu, bakinsa har kunne. Shekara bakwai yana aikin sito a wani kamfanin rarraba kayan masarufi a Kano, sai ga takarda ta fito cewa an ɗaga shi zuwa manajan sito na reshe. Ya miƙo mini yana cewa, "Yaya, Allah Ya yi." Na taya shi murna da gaske, sannan na tambaye shi ko ya karanta shafi na biyu. Bai karanta ba. Idonsa ya tsaya a kan sabon muƙami da adadin kuɗin da ke kusa da shi, kamar yadda idon yawancinmu ke yi.

Takardar ƙarin girma gyara ce ga yarjejeniyar aikin da mutum ya sa wa hannu ranar da aka ɗauke shi. Da zarar ya rattaba hannu ya mayar da kwafi, abin da ke cikinta ya zama sharaɗin da zai yi aiki a kansa, ko ya karanta ko bai karanta ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya, a sashe na 7, ta ce idan an canza sharuɗɗan aiki a sanar da ma'aikaci a rubuce cikin wata ɗaya. Sai dai akwai abin da ba kowa ya sani ba: ma'aikacin da dokar ke nufi shi ne mai aikin hannu ko na akawu, ta cire masu riƙe da gudanarwa da zartarwa da ƙwararru. Ke nan ƙanena, a ranar da ya zama manaja, yana iya fita daga inuwar wannan doka. Idan saɓani ya kai su gaban kotun ɗa'ar ma'aikata, takardar nan da littafin ƙa'idojin kamfani su ne za a fara buɗewa.

Muka zauna da biro muka bi kuɗin. Takardar ta ce naira 2,760,000 a shekara, wato 230,000 a wata. A da yana kan 180,000, don haka a ganinsa an ƙara masa 50,000. Amma can tsakiyar shafi an rubuta cewa mai wannan muƙami ba ya karɓar kuɗin obataim, alhali shi yakan samu kusan 35,000 duk wata daga tsayawa sauke kaya da dare. Ga kuma fansho. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire aƙalla kashi 8 cikin ɗari daga ma'aikaci, kamfani kuma ya zuba kashi 10, kuma a kamfaninsu a kan dukkan albashin ake lissafawa. A da ana cire masa 14,400, ya rage 165,600, a ɗora obataim ya zama 200,600. Yanzu za a cire 18,400, ya rage 211,600. Bambancin 11,000 ne, tun kafin a taɓa haraji. Ya yi shiru na ɗan lokaci, domin har ya fara maganar canza wa yara makaranta.

Ban ce masa an cuce shi ba, don ba a cuce shi ba. Abin da kamfani ke zuba masa a asusun fansho ya tashi daga 18,000 zuwa 23,000, kuma matakin da ya hau shi ne za a riƙa ɗora masa ƙari a kai nan gaba. Abin da na so ya gane shi ne kada ya ci bashi ko ya shiga adashi a kan 50,000 ɗin da ba za ta shigo aljihunsa ba. Takarda mai kyau takan rarraba albashi filla-filla: ainihin albashi nawa, na haya nawa, na mota nawa, daga wace rana. Ma'aikatan gwamnati sun san ciwon wannan rana, domin takardarsu takan zo da kwanan wata biyu, ranar da girman ya fara aiki a fayil da ranar da kuɗi zai fara, kuma a kan ta biyun ake lissafin ariyas.

Batun ayyuka muka wuce da sauri, sai layi ɗaya da ya tsayar da mu: duk kayan da suka ɓata a sito suna wuyan manaja. Wanda zai ɗauki wannan nauyi dole a ƙirga kaya a gabansa kafin ya karɓi mukulli, shi da mai barin gado su sa hannu. In ba haka ba, giɓin bara zai zama nasa.

Sai muka iso ƙasan shafi na biyu, inda aka rubuta cewa zai yi wata shida na gwaji a sabon muƙamin, kuma a cikin wannan lokaci kowane ɓangare na iya kawo ƙarshen aikin da notis na mako ɗaya. Na karanta masa layin sau biyu. Mutumin da aka tabbatar da shi tun shekarun baya, wanda tsohuwar yarjejeniyarsa ta ba shi notis na wata guda, ana neman ya sa hannu a kan mako ɗaya. Kuma takardar ba ta ce za a mayar da shi tsohon gurbinsa idan bai gamsar ba, ta ce a kawo ƙarshen aikin. Mai yiwuwa ma wanda ya buga ta kwafo layin ya yi daga takardar sababbin ɗauka ba tare da wata mummunar niyya ba, amma abin da aka rubuta shi ke aiki ranar da rai ya ɓaci.

Gwaji bayan ƙarin girma ba laifi ba ne. Ƙwarewa a ƙirga katan daban, iya tafiyar da mutum goma sha biyu daban, kuma kamfani yana da haƙƙin ya gani da idonsa. A ganina adalcin gwajin yana rataye ne a kan abu guda: muƙamin ake gwadawa, ba zaman mutum a kamfanin ba. Saboda haka takardar ta faɗi ƙarara cewa idan bai kai ba zai koma matsayinsa da albashinsa na da, kuma shekarunsa na aiki suna nan a ƙirge ba a sake lale ba, domin a kansu ake auna notis da kuɗin sallama inda ake biya. Ta kuma faɗi ranar da gwajin zai ƙare, da wanda zai auna shi, da ma'aunin. "In an gamsu da aikinsa" magana ce da ba ta da kai ba ta da gindi. A ce giɓin kaya kada ya wuce kaza, rahoton wata ya isa kafin rana kaza, wannan kowa zai iya dubawa. Akwai kuma shirun da ke biyo bayan wa'adi: wata shida su cika, babu takardar tabbatarwa, babu ta tsawaitawa, mutum ya shekara bai san matsayinsa ba. Ranar da wa'adin ya cika ya rubuta ya nemi a tabbatar da shi, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.

Ƙanena ya ji nauyin komawa da tambaya, yana ganin za a ce ya yi butulci. Na ce ya fara da godiya, sannan ya roƙi a fayyace masa abu biyu, komawa tsohon gurbi da notis na wata guda, kuma amsar ta zo a rubuce, don maganar baki takan tafi tare da ogan da ya yi ta idan aka yi masa canjin wuri. Ya kai wasiƙarsa ofishin kula da ma'aikata ranar Litinin. Ranar Alhamis aka ba shi sabuwar takarda da layin a gyare, ya sa hannu a kwafi biyu, ya ajiye ɗaya a jakar da takardar ɗaukarsa aiki take, washegari kuma suka fara ƙirgar kaya daga rumbun shinkafa.