Daga Kano Zuwa Yankari Ta Jos: Yadda Abokai Za Su Raba Tafiyar Kwana Biyar

Tafiyar buɗe ido a mota ana tsara ta ne da awannin da za a yi a hanya, ba da nisan da aka gani a taswira ba. Dokar hanya a Nijeriya ta yarje wa ƙaramar mota gudun kilomita 80 a awa a babban titi, da 100 a tagwayen tituna, da 50 a cikin gari. Amma idan aka haɗa da ramuka, da shingayen jami'an tsaro, da tudun rage gudu a ƙauyuka, da bin bayan tirela a hawa, abin da mota ke ci a awa ɗaya bai cika wuce kilomita 55 zuwa 60 ba. Da wannan adadin ya kamata a yi lissafi. Kilomita 300 ke nan zai ci awa biyar da rabi na tuƙi zalla, sannan a ƙara awa ɗaya da rabi don salla da abinci da shan mai.

Rana ma tana da iyakarta. A watan Disamba da Janairu, lokacin da aka fi yin irin wannan tafiya, gari kan waye sosai wajen ƙarfe bakwai saura, rana kuma ta faɗi wajen ƙarfe shida, ga hazon hunturu da ke rage ganin nesa. Tsari mai kyau shi ne wanda zai sa a sauka masauki da la'asar, domin awanni biyun da suka rage kafin magariba su zama ajiya idan taya ta yi faci ko aka tarar da cunkoso.

Zagayen Kano zuwa Jos, daga nan Bauchi da Yankari, a dawo Kano ta Ningi, ya isa misali, kuma kwana biyar ya wadatar da shi.

Ranar farko ta tuƙi ce. Daga Kano zuwa Jos kimanin kilomita 300 ne. Ana bin titin Zariya har Kwanar Ɗangora, a karya hagu zuwa Tudun Wada, a ratsa dajin Falgore, a wuce Saminaka da Jengre, sannan a hau tsaunin Jos. Wanda ya bar Kano ƙarfe bakwai na safe zai iya shiga Jos wajen biyu na rana. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina zamanin Gwamna Audu Baƙo, tana ta wannan shiyyar, kuma ta cancanci a gan ta, sai dai ratse ne daga babban titi, wanda shiga da fita da tsayawa za su ci fiye da awa ɗaya. Ana iya yin sa idan an yi sammako na gaske, in ba haka ba a bar shi. Falgore kuwa wuri ne na kallo ta taga. Dajin yana da kyau, ga duwatsun yankin Riruwai a nesa, amma ya sha fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu a shekarun baya, don haka ana ratsa shi da rana tsaka, tare da sauran motoci, ba tsayawa ɗaukar hoto. Kafin a tashi, a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki a wannan makon, domin su ne ke bin ta kullum. Saminaka ta dace da hutu da cin abinci.

Rana ta biyu a bar mota ta huta a Jos. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, shi ya sa sanyinsa na hunturu kan ba baƙo mamaki, rigar sanyi dole ce. Gidan tarihi na Jos, da aka buɗe a 1952, yana da gumakan yumɓu na Nok da tarin tukwanen gargajiya, ya ishi safiya guda. Da yamma sai duwatsun Shere da ke gabashin gari. A nan ne abokai kan yi haɗama, kowa ya kawo wurin da ya ji labari: wannan ya ce dutsen Riyom, wancan ya ce magangarar ruwa ta Assop. Dukansu biyun suna kudu, a hanyar Akwanga, ba ta inda aka nufa ba, kuma Assop ya kai kimanin kilomita 60 daga Jos. In an zaɓe su, to su ne aikin ranar, a haƙura da Shere. Wuri biyu a yini ya isa. Na uku sai dai a leƙa a juyo.

Rana ta uku tana da yaudara. Jos zuwa Bauchi kimanin kilomita 130 ne, ta Tilden Fulani da Toro da Nabordo, gangara ce mai ban sha'awa tsakanin duwatsu, ga dutsen Zaranda kafin a shiga gari. Awa biyu da 'yan kai sun isa. Ganin haka sai mutane su yi nawar tashi, su manta cewa daga Bauchi akwai sauran fiye da kilomita 100 kafin sansanin Wikki. Ana bin titin Gombe zuwa Dindima, a karya dama zuwa ƙofar dajin da ke Mainamaji, daga ƙofar kuma akwai kimanin kilomita 40 a cikin daji, inda ba a gudu saboda dabbobi na tsallaka titi. Jimillar tuƙin ranar ta kai awa huɗu da rabi. Abin da ya fi shi ne a bar Jos ƙarfe takwas, a ziyarci kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi, a yi azahar, a cika tanki, a sayi ruwan sha, a riƙe tsabar kuɗi, a kama hanya kafin ƙarfe biyu. Ɗakin kwana a Wikki a kama shi tun kafin a baro gida, musamman lokacin hutun ƙarshen shekara.

A Yankari ana fita kallon dabbobi da sassafe ko da yamma, tare da ma'aikacin dajin. Da rani ciyawa ta bushe, dabbobi kuma suna taruwa a bakin kogin Gaji, shi ya sa an fi ganinsu a lokacin. Giwaye sai an yi sa'a, amma mugun dawa ba shi da wuyar gani, birai kuwa har cikin sansanin suke yawo, suna wawure abinci a hannun wanda ya yi sakaci. Maɓuɓɓugar Wikki ruwanta garau ne, ɗuminsa na tsaye a wajen digiri 31 dare da rana, nan za a ƙarar da hantsi.

Komawa gida ita ce inda tsari ya fi rushewa. Daga Wikki zuwa Kano kai-tsaye ya haura kilomita 400, wato awa bakwai zuwa takwas na tuƙi ga mutanen da suka riga suka gaji. Gara a bar dajin bayan azahar a rana ta huɗu, a kwana Bauchi. Rana ta biyar sai ta rage kimanin kilomita 300 ta Kafin Madaki da Ningi da Birnin Kudu da Wudil, har a samu sukunin tsayawa Birnin Kudu a ga tsofaffin zane-zanen da ke jikin duwatsun Habuɗe da Mesa. A lura dai, Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, cunkoson motocin shanu na iya cinye abin da aka tanada na lokaci.

Duk wannan lissafin ya ginu ne a kan cewa aƙalla mutum biyu a motar suna da lasin, kuma suna karɓar juna duk bayan awa biyu. Gajiya tana da alamu: yawan hamma, mota ta riƙa karkata zuwa gefen titi, direba ya kasa tuna garin da aka wuce yanzu. Goro da kofi ba sa maganin wannan, sai sauka daga sitiyari. Idan direba ɗaya ne kacal, kada tuƙin yini ya wuce awa biyar, kuma a ƙara kwana ɗaya a kan biyar ɗin.