Daƙiƙa Uku na Farkon Gajeren Bidiyo

A TikTok, babban yatsan mai kallo a shirye yake ya wuce, shi ya sa daƙiƙa uku na farko ba sa ɗaukar doguwar gaisuwa. Mai koyar da yin masa kan fara da sallama da faɗin sunanta, kafin ta gama an tafi. Gara a buɗe da tanda a kan wuta, ana juya masa, murya na cewa, "Ga dalilin da masarki take mannewa." Gajerun kalmomi ne, kuma a rubuta su a fuskar bidiyon saboda masu kallo ba sauti. Sai dai dole amsar ta biyo baya nan take, domin wanda aka yaudara ba ya dawowa. Idan layin ƙididdigar masu kallo ya faɗi tun farko, mabuɗin ne ya gaza.